An hana ni bizar Ingila: kuɗina sun tafi ke nan, kuma in sake biya yanzu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Jega. Ɗiyata ta gama karatun digiri na biyu a Ingila, saura sati bakwai bikin yaye su. Na ba wani ejan naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ya nema mini bizar ziyara, na je har Abuja aka ɗauki hoton yatsuna, sai ga takarda wai an hana ni, suna maganar wasu kuɗi da suka shiga asusuna. Ejan ɗin ya ce in ƙara dubu ɗari biyu zai karɓo mini kuɗin farko, ko kuwa in sake biya a cike sabon fom a satin nan. Wanne zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun yarinya, ya sa ta amfani al'umma da shi.

Kada ka ba shi dubu ɗari biyun nan. Babu wata ƙofa da ake bi a karɓo kuɗin bizar ziyara ta Ingila bayan an duba takardun mutum an ce a'a, kuma babu ejan ko lauyan da ke da mabuɗin irin wannan ƙofa. Na shekara goma sha biyu ina taimaka wa mutane da takardun tafiya, kuma duk wanda na gani ya biya kuɗin "karɓo kuɗi" sai ya dawo da asara biyu a hannu. Sabon fom kuwa, kada a cike shi a satin nan sai ka zauna da takardar da suka aiko maka an karanta maka ita layi bayan layi.

Bari in fara da abin da ka saya da kuɗin nan, domin a nan ne yawancinmu muke samun ruɗani. Mu 'yan kasuwa ne, mun saba idan an biya ba a ba da kaya ba, to kuɗi su dawo. Kuɗin biza kuwa irin kuɗin rajistar jarrabawa ne. Yaron da ka biya wa NECO, ko ya ci ko ya faɗi, an buga masa takarda, an sa mai gadi, an biya malamin da ya duba amsarsa. Haka nan, ranar da ka ɗora yatsunka a kan gilashin nan a Abuja, aikinsu ya fara: aka tura bayananka, aka binciki sunanka a rumbunansu, wani jami'i ya zauna ya karanta takardun bankinka ya yanke hukunci. Wannan zaman da hukuncin su ka biya. A fom ɗin ƙasashen Turai masu bizar Schengen ma a rubuce yake ƙarara a kusa da wurin sa hannu, cewa mai nema ya san ba a mayar da kuɗi in an hana shi. Amurka ma haka take da dala 185 ɗinta. Akwai kuma wani dalili da ba sa ɓoyewa sosai: da ana mayarwa, da kowa ya jefa fom ya gwada sa'a, tunda ba abin da zai rasa. Ni kaina abin yana yi mini ciwo idan na ga dattijo ya sayar da amfanin gonarsa ya biya, aka sallame shi da takarda mai shafi biyu. Amma ƙa'idar ke nan, kuma ka amince da ita tun lokacin da aka danna maka maɓallin biya.

Yanzu ka raba miliyan ɗaya da dubu ɗari biyun nan gida-gida, don ka san nawa ne ya tafi wurin gwamnatin Birtaniya. Bizar ziyara ta wata shida fam 115 ce kafin Afrilun 2025, sannan ta koma fam 127. Suna ƙara ta lokaci zuwa lokaci, saboda haka farashin ranar da za ka biya shi ne wanda ke shafin gwamnatinsu na gov.uk a ranar. Ko yaya aka canza wannan zuwa naira, bai kai rabin abin da ka bayar ba. Sauran ya tafi ne ga ladan ejan, ko ga wasu ƙarin hidimomi na cibiyar karɓar takardu, ko ga kuɗin gaggawa in ya saya maka. Ka ce ya nuna maka rasit na kowanne. Rasit na gwamnati yana zuwa ta imel, yana ɗauke da lambar da ta fara da GWF, irin wadda ke saman takardar hanin. Idan lissafi bai cika ba, maganarka da ejan ce, kuma wannan kuɗi ne da za ka iya bi ta hanyar dattawa ko hukuma, domin ba Ingila suka je ba.

Akwai 'yan wuraren da kuɗi ke dawowa, kuma ya kamata ka san su ko don gaba. Wanda ya biya, sannan ya janye buƙatarsa kafin ya je a ɗauki hoton yatsunsa, ana mayar masa da kuɗin biza, galibi cikin sati huɗu. Wannan ita ce iyakar: kafin yatsu akwai gyara, bayan yatsu babu. Shi ya sa nake ce wa mutane su karanta kwafin fom ɗinsu a daren da za su kama hanyar Yawuri da Kontagora zuwa Abuja. In aka ga babban kuskure a daren nan, gara a janye a cike sabo da a je a miƙa yatsu a kan kuskure. Haka kuma idan shafin ya tsaya ana cikin biya, mutum ya sake dannawa aka cire kuɗi sau biyu a kan fom ɗaya, ana iya neman na biyun. Na taɓa zama da wani malamin makaranta da hakan ta faru da shi a shagon intanet a Birnin Kebbi. Shafin ya yi fari, yaron shagon ya sake dannawa, alat biyu suka shigo a jere. Ya samu kuɗinsa, amma sai da ya yi makonni yana rubuce-rubuce. In shafi ya tsaya maka, ka cire hannu, ka duba imel da alat tukuna.

Ɗalibai da ma'aikata masu zaman sama da wata shida suna biyan wani kuɗi daban na kiwon lafiya, wanda a shafin ake kira IHS. Ɗiyarka ta biya shi, fam 776 ne a shekara ga ɗalibi tun Fabrairun 2024. Shi wannan ana mayar da shi gaba ɗaya in an hana biza, ba sai an roƙa ba, domin kuɗin asibitin da mutum bai je ba ne. Daga nan ne wasu ke jin labarin "an mayar wa wane kuɗinsa" su ɗauka kowa ma haka ne. Mai bizar ziyara ba ya biyan IHS, don haka babu shi a lissafinka. Abin lura a nan, duk kuɗin da za a mayar yana komawa ne kan katin da aka biya da shi. In katin ejan ne, aljihunsa za su faɗa, kuma ba za ka ji alat ba.

To, mu dawo kan takardar da ke hannunka, domin ita ce kaɗai abin da kuɗinka na farko suka saya maka, kuma tana da daraja fiye da yadda take a ido. A ƙasanta za ka ga an ambaci V 4.2 tare da wasu haruffa. Wannan sashe ne na dokokinsu da ke bayyana wane ne baƙo na gaskiya. Harafin a yana nufin jami'in bai gamsu za ka dawo gida ba, c yana nufin bai gamsu da dalilin tafiyar ba, e kuwa yana nufin bai gamsu kana da kuɗin da za su ɗauki nauyin tafiyar ba. Sakin layin da ke sama da wannan shi ya fi muhimmanci, domin a nan jami'in ke faɗin abin da ya gani da idonsa: rana kaza kuɗi kaza sun shiga, ba su yi daidai da abin da ka ce kana samu a wata ba, kuma babu takardar da ta nuna daga ina suka fito. Za ka kuma ga an rubuta cewa ba ka da damar ɗaukaka ƙara ko neman a sake dubawa. Haka bizar ziyara take. Lauya na iya rubuta musu in jami'in ya yi kuskure bayyananne, kamar ya ce ba ka kawo takardar da ka kawo ba, amma kuɗin lauyan ya fi na sabuwar biza nesa ba kusa ba, kuma sati bakwai ba lalle ya isa ba.

Bari in ba ka labarin wani da matsalarsa ta yi kama da taka. Manomin shinkafa ne kuma mai saye da sayarwa a wajen Argungu, yana son ya je ya ga ƙaninsa. Mutum ne mai rufin asiri sosai, amma dukiyarsa tana cikin buhuna da shanu da bashin da ke hannun abokan ciniki. Asusun bankinsa kuwa, wata biyar a jere abin da ke kwana a ciki bai wuce dubu ɗari uku zuwa ɗari biyar ba. Kwana takwas kafin a buga masa takardar banki, sai ga miliyan tara sun shigo a dunƙule, an zuba su tsaba a kantar banki, babu sunan mai turowa. A fom an rubuta yana samun dubu ɗari shida a wata, zai yi kwana talatin, zai kashe miliyan biyar. Ka sa kanka a kujerar jami'in da bai taɓa ganin fadamar Argungu ba, bai san lokacin girbi ba. Abin da ke gabansa shi ne mutum zai kashe abin da yake samu a wata takwas da 'yan kai a kan ziyara ɗaya, da kuɗin da suka faɗo ana saura kwana takwas. Sun ga irin wannan sau da yawa daga masu aron kuɗi su zuba a asusu don ya yi nauyi, su kwashe bayan an buga takarda. Sai ya hana shi.

Kuɗin nan kuwa halalinsa ne, buhu 180 ya sayar a kan dubu hamsin-hamsin. Ranar da ya zo wurina ya fito da wani littafi mai baƙin bango daga aljihun rigarsa, gefensa duk ya yi laushi da gumi, an rubuta kowane ciniki da biro, rabi da boko rabi da ajami. Gaskiyarsa duk tana cikin littafin nan, ita kuwa ba ta shiga ambulan da aka tura ba. Kafin ya zo ma ya riga ya sake biya sau ɗaya bisa shawarar wani, da takardun nan dai, sai dai an ƙara wasu miliyan uku a asusun don a "ƙarfafa" shi. Takardar hani ta biyu ta fi ta farko zafi, domin yanzu kuɗi biyu ne ba su da asali.

Abin da muka yi ba dabara ba ce. Ya haƙura wata shida. A cikin watannin nan duk wanda ya sayi kaya sai ya tura kuɗi ta banki da sunansa, a rubuta "kuɗin shinkafa buhu kaza" a wurin bayani. Ya buga littafin rasit mai kwafi da sunan kasuwancinsa, wanda dama yana da rajista da CAC amma takardar tana ajiye a akwati. Wanda ya sayi buhu 180 ɗin nan ya rubuta takardar shaida da kwanan wata da adadi da lambar wayarsa. Muka haɗa da takardar gonarsa da shaidar biyan haraji. A sabon fom muka rubuta abin da takardar banki ta nuna yana shigowa, muka bayyana cewa sana'ar ta lokaci ce, kuɗi na zuwa da yawa bayan girbi su ragu da damina. Kwana talatin suka koma goma, ƙanin ya rubuto cewa a gidansa zai sauka, ya haɗo da shaidar zamansa a can da ta gidan. Kuɗin tafiya suka sauko zuwa abin da asusun zai ɗauka ba tare da ya kwashe shi ƙaf ba. Sai wasiƙa mai shafi ɗaya wadda ta ɗauki kowane ƙorafi na takardun hanin biyu ta amsa shi da lambar shafin da hujjar take. A karo na uku aka ba shi. Ba na ce duk wanda ya yi haka sai an ba shi ba, hukunci na hannun jami'i. Amma biyansa na biyu asara ce da aka iya kauce wa, tunda babu abin da ya canza tsakanin fom na farko da na biyu sai abin da ya ƙara lalacewa.

Kai ma tambayar da za ka yi wa kanka ke nan, kuma kai kaɗai ka san amsarta: kuɗin da suke magana a kai, na wane ne?

Idan naka ne, na gero ko dawa ko masara da ka sayar, kuma akwai shaidar da ta riga ta wanzu tun lokacin cinikin, to sati bakwai zai iya isa. Galibi suna yanke hukunci cikin sati uku daga ranar ɗaukar yatsu, kuma babu dokar da ta ce sai ka jira wani lokaci kafin ka sake nema. Ka ɗauki sati ɗaya cur kana tattara hujja: rasit, shaidar turowar mai saye daga nasa bankin, takardar ƙungiyar 'yan kasuwarku, takardar shago ko sito, da takardar banki ta wata shida wadda ta haɗa har da watan da kuɗin suka shigo. Kada a yanke watan don a ɓoye shi, sun riga sun gani. Ɗiyarka ta turo takardar gayyatar bikin daga jami'arta da shaidar cewa ita ɗalibarsu ce, a haɗa da takardar haihuwarta mai sunanka. Ka nemi kwana bakwai ko goma, gwargwadon bikin. Kada a ƙirƙiri rasit yau a sa masa kwanan watan baya. Suna kiran lambobin da ke kan takardu wani lokaci, kuma takardar jabu ɗaya tana iya jawo a rufe maka ƙofar ƙasar har shekara goma.

Idan kuwa ejan ne ya zuba su, ko ya ce ka aro a wurin wani a zuba, to Alhaji ka haƙura da wannan bikin. Na san nauyin maganar nan, uba ya yi shekaru yana biyan kuɗin makaranta, ranar da za a kira sunan ɗiyarsa kuma ba ya wurin. Amma kuɗin aro ba su da bayanin da za a rubuta wanda ba ƙarya ba, kuma duk fom ɗin da za a cike a yanzu a kan wannan asusun zai ci kuɗinka ne ya ƙara maka tabo. Jami'o'i da yawa a can suna nuna bikin kai tsaye ta intanet, wasu kuma suna barin ɗalibi ya ɗaga nasa zuwa zama na gaba. Ta tambayi ofishin da ke kula da bikin, wataƙila a samu wata shidan da asusunka ke buƙata.

Kafin a taɓa sabon fom, ka karɓi kwafin tsohon daga hannun ejan, duk shafukansa. Wannan ba alfarma ba ce, da sunanka aka cike shi, kuma duk abin da ke ciki kai ka faɗa a wurinsu. Na ga fom ɗin da aka rubuta wa ɗan kasuwa cewa shi manajan kamfani ne mai albashi, na ga wanda aka rage wa mutum 'ya'ya daga tara zuwa uku wai don kada a ce nauyi ya yi masa yawa. Jami'in da zai duba sabon fom yana da tsohon a gabansa. In a can an ce kana samun miliyan biyu a wata, a nan kuma ka rubuta dubu ɗari bakwai ba tare da bayani ba, zai ɗauka ɗaya daga ciki ƙarya ce. In ka tarar an rubuta abin da ba haka ba, sai a faɗa a wasiƙa cewa wani ne ya cike na farko, ga kuskuren, ga daidai, ga hujja.

Akwai tambaya a fom ɗin da ke cewa ko an taɓa hana ka bizar wata ƙasa. Amsarka yanzu e ce, da wata da shekara da dalili. Wasu ejan suna cewa a yi sabon fasfo a amsa a'a. Yatsun da ka ɗora a Abuja ba sa canzawa da sabon fasfo, kuma Birtaniya tana musayar irin waɗannan bayanai da Amurka da Kanada da Ostireliya da New Zealand. Hani na farko ba ya hana a ba mutum a karo na biyu, ɓoye shi ne ke mayar da ƙaramar matsala ta zama ta shekara goma.

Sai wuraren da kuɗi ke zubewa a gefe. Za a ce maka ka biya kuɗin gaggawa, fam 500, don lokaci ya ƙure. Abin da yake saya shi ne a yanke hukunci cikin kwana biyar na aiki, hukuncin kuwa bai canza ba, kuma in an hana ka shi ma ya tafi. In ka shigar da takardu saura sati biyar, ba ka buƙatarsa. Za a kuma ce ka nemi ta shekara biyu tunda ana biya ɗaya ne. Ita fam 475 ce a farashin Afrilun 2025, kuma suna iya ba ka ta wata shida kawai su riƙe ragowar, ko su hana ka duka. Mai hani a bayansa ya nemi ƙaramar, ya je ya dawo kan lokaci, sannan ya yi maganar doguwa. Tikitin jirgi da kuɗin otal kuma kada ka biya kafin biza ta fito. Su da kansu sun rubuta a jagoran takardunsu cewa ba sa buƙatar shaidar kama otal ko tikiti ga mai ziyara.

A wannan karon a buɗe fom ɗin da imel naka ko na ɗiyarka, a shafin gov.uk kai tsaye, daga nan ne zai kai ka shafin VFS Global, kamfanin da ke karɓar musu takardu da ɗaukar yatsu, inda ake zaɓar ranar zuwa Abuja. A biya da katinka ko na wani ɗan gida da ka yarda da shi, wanda bankinsa ya buɗe masa biyan kuɗin waje. Ɗiyarka ta fi ejan sanin Turancin fom ɗin, kuma ta fi shi sanin gaskiyar gidanku. Ku zauna a waya da dare, tana karanto tambaya kana ba ta amsa, takardar banki a buɗe a gabanka, kada a rubuta adadi ko ɗaya da ba za ka iya nuna shi da yatsa a kan takarda ba. Ka fara tura mata hoton takardar hanin yau, shafi biyun duka, ta ja layi a ƙarƙashin kowane kwanan wata da kowane adadi da jami'in ya ambata.